Wuƙar Musbahu

Ranar kasuwar Ajingi, a ƙarshen damina, Tukur ya shigo da amalankensa daga Toranke da buhu huɗu na sabuwar gyaɗa. Manomi ne ɗan shekara arba'in da biyar, kuma duk garinsu an san shi da shanun huɗarsa guda biyu, fari da ja. Ya kwance su a bayan kasuwa, ya ɗaure a gindin wata darbejiya kusa da gonar wake, ya shiga ciniki. Ciniki ya ja shi har rana ta ɗaga. Yana cikin gardama da wani dillali sai ya ji ana ta kiran mai jan sa.

Ya fito a guje, ya ratsa mutane. Jan san yana kwance a ƙasa, cikinsa ya kumbura kamar ganga. A kansa akwai wani mutum da Tukur bai taɓa gani ba, ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya luma wuƙa a kwiɓin hagu na san, wani koren kumfa yana tsartuwa ya ɓata masa riga. Mutumin ya ɗago kai. Gefen bakinsa ɗaya ya ɗage sama kamar mai murmushin mugunta, idonsa ɗaya a buɗe tar, ba ya ƙiftawa.

Kafin Tukur ya ja numfashi na biyu ya riga ya gama sanin ko wane ne wannan mutum. Bai yi tunani ba, bai tambayi kowa ba. Jikinsa ne ya faɗa masa: mugu ne, marar imani, kuma yana jin daɗin abin da yake yi.

Ya damƙi wuyan rigarsa ya fizgo shi.

"Uban wa ya ba ka izini? Sa na ne!"

"Sake ni, malam!" in ji mutumin. "Kumburin ciki ne, ɗanyen wake ya ci. In ban fasa ba mutuwa zai yi yanzu. Sake ni in ƙara buɗe wajen!"

Tukur ya ji sautin maganar, amma bakin nan da ya karkace yake kallo. Ya hankaɗa shi ya faɗi zaune. Kafin mutane su raba su, san ya miƙe ƙafafu yana kakari, wani mahauci ya yi sauri ya sa masa wuƙa don kada ya zama mushe. Mahauta suka saye shi a wulaƙance. Tukur ya koma Toranke da farin sa kaɗai, wani maƙwabci ya janyo masa amalanken.

A hanya aka gaya masa sunan mutumin. Musbahu, sabon malamin dabbobi, ɗan Gaya, makonsa biyu da fara aiki a yankin.

Da yamma a majalisar ƙofar masallaci Tukur ya ba da labari. Ya ce mutumin ya soke masa sa yana murmushi. Ɗayyabu, abokinsa tun ƙuruciya, mai shanu shida, ya buga cinya ya ce, "Ai ka ga mahauta suna tsaye a gefe. Haɗin baki ne." Tukur bai ga haka ba a lokacin, amma da aka faɗa sai ya ji ya dace da fuskar nan. Bayan mako biyu, in yana ba da labarin, murmushin ya zama dariya. Kuma ba ƙarya yake shiryawa ba. In ya rufe ido, dariyar yake ji a kunnensa. Kafin Musbahu ya taka Toranke, an riga an raɗa masa suna Mai Wuƙa.

Ya fara zuwa duk ranar Talata a kan babur, da akwatin magani ɗaure a baya. Awakin Hanne, wata gwauruwa, suka kama zawo, ya yi musu magani suka tashi, ya ƙi karɓar ko kwabo. Tukur ya ce tarko ne, yana neman shiga gari. Aka gan shi a sahun gaba a sallar azahar, Tukur ya ce riya ce. Ya gaishe da dattawa har ƙasa, Tukur ya ce ladabin munafuki. Wata Talata babur ya yi masa faci ya iso bayan la'asar, Tukur ya bi majalisa uku yana cewa, "Kun gani ko? Bai ɗauke mu mutane ba." Alheri goma bai tsaya masa a rai ba, latti ɗaya kuwa ya riƙe shi wata guda.

Matarsa Hure ta kai tunkiyarta da ta kasa haihuwa ba da saninsa ba. Musbahu ya juya ɗan a ciki ya fito da shi da rai. Da Tukur ya ji, ya yi faɗa har maƙwabta suka leƙo.

"Ni ban ce bai iya aiki ba!" ya daka mata tsawa. "Ya iya. Ɓarawo ma ya iya buɗe ƙofa. Imani ne ba shi da shi."

Hure ta ce, "Maigida, ni dai na ga yana shafa kan tunkiyar nan yana lallashinta."

"Don kina kallo ne."

Ƙanwarsa Naja'atu tana koyarwa a wata firamare a Ajingi. Ta zo gida da hutun ƙaramar salla, ta tarar yana maimaita labarin a ɗakin mahaifiyarsu Dada. Ta bari ya gama.

"Yaya, ka san fuskar tasa ciwo ne? Shanyewar ɓarin fuska ya yi tun yana saurayi. Ɓangare ɗaya ba ya motsi, shi ya sa in ya yi magana ko ya yi yunƙuri bakin yake janyewa gefe. Ko kuka yake yi haka za ka gan shi."

"Na ji an faɗa. Sai me?"

"Sai ka ce murmushi yake yi."

"Da idona na gani."

Ta gyara zama. "A kwaleji an koya mana wannan, saboda malamai ma muna yi wa ɗalibai. An taɓa nuna wa mutane hotunan fuskoki, kowane hoto ya wuce cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, bai kai ƙiftawar ido ba. Aka tambaye su, wannan mai amana ne ko a'a? Kowa ya ba da amsa. Aka bar wasu su kalla iya son ransu, amsar ta fito kusan iri ɗaya. Abin da ƙarin lokacin ya ƙara musu shi ne tabbaci a ransu cewa sun yi daidai. Kuma da ake bincikawa, fuskar ba ta cika faɗin halin mutum ba. Girar da ta sauko, bakin da ya karkace, su zuciya take karantawa kamar fushi ko raini, alhali halittar mutum ce."

"Wato ni mahaukaci ne."

"Kowa haka yake, Yaya. Abu na farko da ka sani game da mutum shi yake zama tabarau, duk abin da ya biyo baya ta cikinsa za ka gani. Kuma mugun abu ya fi kama zuciya, domin muna cewa mugu ma yana iya yin alheri don ya ruɗe mu, amma mutumin kirki ba ya soke sa. Shi ya sa ko awaki ɗari ya warkar ba za su goge maka wuƙar nan ba. Sai dai ranar da ita wuƙar ta canja ma'ana a wajenka."

Tukur ya miƙe tsaye. "Ke da aka haifa a gabana za ki karanta mini zuciyata? San ki ne ya mutu? Ke za ki yi huɗar bana da sa ɗaya da aron na maƙwabci?"

Dada ta ce, "Tukur, zauna."

Bai zauna ba. Ya fice, ya bar abincinsa. Bayanin Naja'atu bai rage masa komai ba, sai ma ya ƙara wa Musbahu laifin raba shi da ƙanwarsa.

Damina ta zagayo. Wata safiya Tukur ya tafi rugar Malam Ja'e, wani dattijon Bafulatani da ke zaune a gabashin Toranke tun Tukur yana yaro. A wajensa mahaifin Tukur ya sayi shanunsa na farko, kuma Tukur bai taɓa jin wanda ya kama shi da ƙarya ba. Ya je ne su yi maganar wani ɗan bijimi da zai maye gurbin jan san.

Suna tsaye suna duba bijimin sai matar Ja'e ta ƙwalla kira. Wata saniya ta shiga harawar wake mai raɓa tun asuba, ga ta nan tana tangaɗi, kwiɓinta na hagu ya taso ya fi ƙashin bayanta tsawo. Ja'e ya ɗura mata man gyaɗa, ta ƙi haɗiya, ta zube ƙasa, harshe a waje. Tsohon ya zaro wuƙa daga ƙugu, ya auna da tafin hannu tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, ya luma. Koren kumfa ya tsarto masa a fuska. Ya ƙara faɗaɗa wajen, ya sa yatsu ya riƙe shi a buɗe, haƙoransa a waje don yunƙuri. Cikin ya fara saɓewa a hankali. Can saniyar ta ja dogon numfashi ta ɗago kai.

Tukur ya matso kusa.

"Baffa," ya ce, "haka ake yi?"

"In ta faɗi, haka ake yi. Iskar ce take danne huhu. Minti kaɗan gare ka, ba lokacin neman mai saniya. Wani lokaci ka fasa ta tashi, wani lokaci ka makara." Ja'e ya goge fuska da hannun riga. "Ai na ji labarin naka. Yaron nan daidai ya yi. Shi zan kira ma ya ɗinke mini wannan."

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Ka taɓa tambaya?"

Tukur ya kama hanyar gida bai sayi bijimin ba. A hanya hoton kasuwar Ajingi ya dawo masa, komai yana nan yadda yake, gwiwa a ƙasa, wuƙa, kumfa, amma yanzu wani abu dabam yake gani: baƙo ya ɓata rigarsa a kan san da ba nasa ba. Sannan ya tuna hannunsa a wuyan rigar, da muryar da take cewa a sake shi ya ƙara buɗe wajen. Ya tsaya a tsakiyar gonar gero ya zagi kansa da ƙarfi. Watakila san ya riga ya makara. Watakila kuma shi ne ya cinye masa mintin da ya rage. Ba wanda zai iya faɗa masa, kuma wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Ranar Alhamis ya hau mota zuwa Gaya. Aka kwatanta masa gidan, gidan malamai ne a cikin tsohon gari, ana karatun allo a zaure. Ya tarar da Musbahu zaune a kan tabarma kusa da mahaifinsa, yana gyara wa tsohon tabarau da zare. Tukur ya gaisa, ya faɗi abin da ya kawo shi, kansa a ƙasa.

Musbahu ya ajiye tabarau. "Malam Tukur, me Ja'e ya faɗa maka da ban faɗa maka ba ranar nan? Kalma ɗaya, faɗa mini."

"Babu."

"Babu! Amma shi ka yarda da shi. Wata goma ina shiga garinku ana nuna ni da baki. Mata suna janye awakinsu in na doso. Rigakafin bara shanu goma sha ɗaya aka kawo mini a duk Toranke. Ka san shekara nawa ina fama da fuskar nan? Duk inda na shiga an gama yanke mini hukunci kafin in yi sallama. Na saba farawa daga ƙasa, in yi ta haƙuri har mutane su saba. Kai kuwa ka haƙa mini rami tun ban iso ba."

Don fushi, bakin ya ƙara janyewa gefe. Tukur ya ɗago ya kalle shi, sai ya ji hannunsa ya dunƙule da kansa. Yana raina ni, in ji wani abu a cikinsa. Ya san ƙarya ne, ya zo neman gafara ne, amma abin ya riga tunaninsa isowa. Sai da ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin riga.

Tsohon malamin ya ce, "Musbahu, mutum ya taho tun daga Toranke."

"Na yafe, Baba. Amma ya je ya kwashe abin da ya zubar."

Aka kawo fura suka sha. Kafin la'asar Tukur ya saki jiki, har suka yi hirar irin bijimin da ya dace da huɗa, ya daina lura da bakin. Ya koma gida yana ganin abin ya wuce. Mako biyu bayan haka, a kasuwar Ajingi, ya hango Musbahu tsaye kusa da darbejiyar nan yana duba haƙoran wani rago, nan take tsohuwar ƙiyayyar ta taso ɗanya shar kamar ba a taɓa zuwa Gaya ba. Ya tsaya ya yi ta'awizi, ya tuna wa kansa saniyar Ja'e, sannan ya iya ƙarasawa ya miƙa hannu. Da ya gaya wa Naja'atu, bayan sun shirya, ta ce sabon sani ba ya share tsoho, a kansa yake hawa, kuma wurin da aka fara gamuwa yakan tono na ƙasan. Ta ce da yawan haɗuwa zai yi sauƙi. Ya yi sauƙin, amma a hankali ƙwarai.

Kwashe abin da ya zubar shi ya fi wuya. Ya tashi a majalisar ƙofar masallaci ya ce ya yi kuskure, ya faɗi abin da ya gani a ruga dalla-dalla. Waɗanda Musbahu ya taɓa yi wa aiki suka gyaɗa kai, kamar dama jira suke a ba su izini. Wasu matasa biyu suka je wajen Ja'e suka ga ɗinkin a kwiɓin saniyar, suka dawo suka daina cewa Mai Wuƙa. Sauran ba su gamsu ba.

Ɗayyabu ya ce, "Kai ka ce mana yana dariya."

"Ban ji dariya ba. Zuciyata ce ta ƙara."

"To yanzu ma zuciyarka ce take ragewa. Ko me ya ba ka a Gaya?"

Tukur ya yi kansa, sai da liman ya shiga tsakani. "Ni na ba ka labarin nan!" yake ihu. "Ba ka je kasuwar ba ranar! Ni da na gani na ce ƙarya ne, kai da ka ji a bakina ka ce gaskiya ne?"

"Na ga fuskarsa ai," in ji Ɗayyabu. "Fuskar nan ba ta mutumin arziki ba ce."

Ranar rigakafi Tukur ya riga kowa kai farin sansa filin makaranta, ya bi gida gida yana buga ƙofa yana faɗa. Aka kawo shanu talatin da huɗu. Fiye da rabin garin ba su fito ba, har da shanun Ɗayyabu shida. Musbahu ya duƙufa kan aikinsa, sai da Tukur ya fara zagin waɗanda suka ƙi zuwa ya ce masa, "Malam Tukur, bar ihun nan, kana firgita dabbobi. Riƙe mini igiya."

Bayan girbi Musbahu ya nemi a mayar da shi kusa da gida, aka mayar da shi. Ya biyo ta Toranke ya yi sallama da Hanne da Hure da liman, ya sha ruwa a ƙofar gidan Tukur. Tukur ya roƙe shi ya ƙara shekara ɗaya. Ya ce ya gaji, kuma a Gaya an san shi tun fuskarsa tana daidai.

Wanda aka turo a madadinsa ya iso wata Talata da hantsi, mutane suna zaune a majalisa. Saurayi ne mai faɗin goshi da manyan idanu, fara'a a fuskarsa tun daga nesa. Bai gama kashe babur ba Ɗayyabu ya ce, "Yauwa! Ka ga ɗan mutunci." Majalisa ta amsa. Ba wanda ya san sunansa tukuna, ba wanda ya ga ya riƙe allura.

Tukur ya ji nasa bakin ya buɗe da murmushi, ransa ya kwanta da yaron kamar ya shekara da saninsa. Ya kama kansa, ya haɗe rai, ya tashi ya kaɗe rigarsa.

"Ina za ka, ba ka gaisa da baƙo ba?" in ji liman.

"Zan gaisa da shi, Malam. Ga tunkiyar Hure can tana ɗingishi kwana uku, bari in jawo ta in ga hannunsa."

Ya wuce cikin gida yana ƙunƙuni, Ɗayyabu kuwa har ya tashi ya ba baƙon wurin zamansa.